Me da Me Ke Cikin Kwandon Azumin Nan?

Da zarar watan Sha'aban ya raba tsakiya, sai wayoyin mutane su cika da hotunan kwanduna. Ga dabino an jera, ga kwalbar zuma, ga gwangwanin madara, an lulluɓe da leda mai sheƙi an ɗaure da zare ja. Al'adar kai wa iyaye da surukai da malamai kayan azumi daɗaɗɗiya ce. Da can magidanci a Kano da kansa zai shiga kasuwar Singa ya sayi sukari da madara, ya aika Dawanau a auno masa gero, ya zuba a buhu ya kai. Abin da ya sauya shi ne, yanzu akwai masu sana'ar haɗa waɗannan kaya wuri guda, akasarinsu mata masu kasuwanci daga gida, su sa masa farashi ɗaya, su tallata a WhatsApp da Instagram.

Da yawa daga cikinsu sun iya zaɓen kaya, sun iya naɗi, sun iya ɗaukar hoto. Inda ake samun tangarɗa shi ne rubutun da ke ƙarƙashin hoton. Ga irin wanda aka fi gani:

"Kwandon azumi na alfarma ya iso! Kaya masu inganci, na gani na faɗa. Ku faranta ran iyayenku. Kada ku bari a ba ku labari. A yi magana don jin farashi."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan, amma kuma babu abin da mai saye zai kama. Kuma wannan rashin yana jawo wa mai kaya asarar ciniki a lokacin da kasuwar ba ta wuce mako uku ko huɗu ba.

Mai sayen ƙunshin kyauta yana cikin wani hali da ya bambanta da na mai sayen kaya ɗaya. Wanda zai sayi gwangwanin madara ya san kuɗinsa a shagon unguwa, ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda aka ce wa kwando naira dubu arba'in kuwa, an haɗa masa abu bakwai ko takwas an rufe su da lamba ɗaya, kuma abu na farko da zuciyarsa za ta yi shi ne lissafi: in na shiga kasuwa da kaina, nawa zan kashe? Idan bayanin bai ba shi abin da zai yi lissafin da shi ba, zai yi shi da zato, zato kuwa kullum ƙasa yake kai kaya. Zai ɗauka dabinon rabin kilo ne, zumar ƴar ƙaramar kwalba ce, ƙasan kwandon kuma takardu aka cusa don kayan su taso sama. Ba mugunta ce ta sa shi wannan tunani ba. Ya taɓa gani an yi wa wani, ko shi kansa an yi masa.

Abu na biyu kuma, ba shi zai ci kayan ba. Gidan surukansa za a kai, ko gidan mahaifiyarsa, wataƙila ma shi yana Abuja ko Legas ko ƙasar waje, ba zai ga kwandon da idonsa ba sai dai a kira shi a yi godiya. Saboda haka ban da tsoron a cuce shi a kuɗi, akwai tsoron jin kunya, wanda ya fi na farko nauyi. Mutum zai iya haƙura da asarar naira dubu biyar, amma ba zai manta ranar da aka buɗe kayan da ya aika gidan surukai aka tarar da dabino mai ƙwari ba. Rubutun da zai sa farashi ya kwanta wa mutum a rai shi ne wanda ya ba shi damar yin lissafinsa har ƙarshe, ya kuma nuna masa abin da za a gani idan an kwance ledar. Kalmomi irin su "alfarma" da "inganci" ba sa yin ko ɗaya cikin biyun, domin mai kaya marar kyau ma da su yake talla.

Bari mu ɗauki kwando ɗaya mu bi shi daki-daki. Farashin da zan kawo na misali ne kawai, tun da kowa ya san kuɗin kaya ba ya zama wuri ɗaya, mai sana'a sai ta sa na ranar da take rubutu. Mu ce wata baiwar Allah a Kano ta haɗa kwandon da za ta sayar naira 40,000. A ciki akwai dabino, zuma, garin kunu, tsamiya, sukari, madarar gari da kayan shayi.

Kafin ta rubuta kalma ɗaya, aikin farko awo ne. Ta ɗora kowane abu a kan sikeli ta rubuta nauyinsa: dabino kilo 1, zuma rabin lita, garin kunu kilo 2, ɓararriyar tsamiya rabin kilo, sukari kilo 2, madara gwangwani mai giram 400, kayan shayi giram 200. Na fi son a yi amfani da kilo da lita a nan maimakon mudu ko tiya ko kwano, saboda mudun wani gari ba shi ne na wani ba, kuma mai saye daga nesa zai auna da mudun da ya sani. Idan masu sayenki ƴan gari ne da suka saba da tiya, ki rubuta duka biyun. Abin da bai kamata ba shi ne "babbar kwalba" ko "leda guda", domin babba a wurinki ƙila matsakaiciya ce a wurin wani, daga nan rigima take farawa.

Aiki na biyu shi ne ta yi lissafin da mai saye zai yi, tun kafin shi ya yi. Ta duba nawa kowane abu yake a shago idan ɗai-ɗai za a saya, ba kuɗin sari ba. Mu ce dabino 9,000, zuma 7,000, garin kunu 5,000, tsamiya 1,500, sukari 4,000, madara 6,500, kayan shayi 3,000. Jimla 36,000. Ga shi kuma tana neman 40,000. A nan ne yawancin masu sana'a suke jin tsoro su ɓoye lissafin, don suna ganin mai saye zai ce an ɗora masa dubu huɗu a banza. Alhali ba a banza ba ne. Kwandon kansa, mai murfi, 3,000 ne. Naɗi da katin da za a rubuta sunan mai aikowa, 1,000. Kaiwa har ƙofar gida a cikin gari, 2,000. Wato wanda zai haɗa irin wannan da kansa 42,000 zai kashe, ban da yinin da zai ɓata a cunkoson kasuwa ana gobe azumi. Ita kuwa ribarta tana fitowa daga bambancin sari da sayen ɗai-ɗai, kuma wannan halal ɗinta ne, ba sai ta bayyana shi ba.

To waɗannan abubuwa uku, kwando da naɗi da kaiwa, su ne aka fi mantawa a bayani, kuma su ne daidai gurbin da mai saye yake gani tsakanin lissafinsa da farashinki. Idan ba ki ambace su ba, a idonsa tsada ce. Idan kin ambace su, sun zama aikin da aka ɗauke masa. Ga yadda bayanin wannan kwando zai iya kasancewa:

"Kwandon Gaisuwar Surukai, naira 40,000, har da kaiwa a cikin Kano.
Dabino mai laushi, kilo 1, kimanin ƙwaya 100. An zaɓe shi don dattawa, ba ya wahalar tauna.
Zuma, rabin lita, a kwalba mai hatimi.
Garin kunun tsamiya, kilo 2, gero surfaffe da citta da kanumfari, an niƙa a wannan mako. Yana yin damu 10 na gida mai mutum biyar.
Tsamiya ɓararriya, rabin kilo, babu ɓawo.
Sukari kilo 2, madarar gari giram 400, kayan shayi giram 200.
Duka a kwandon kaba mai murfi, da kati ɗauke da sunanka. Ba ma sa farashi a cikin kayan.
In ka saye su ɗai-ɗai ka haɗa da kwando da kuɗin kaiwa, kusan 42,000 ne.
Muna rufe karɓar oda ranar 25 ga Sha'aban, mu kai kafin a ga wata."

Layin farko ya ɗauki abu uku: wa aka yi wa kwandon, nawa ne, kuma me kuɗin ya ƙunsa. Dalilin cusa su a farko shi ne, Instagram yana yanke rubutu bayan layi ɗaya ko biyu, sai wanda ya taɓa ne zai ga sauran, a WhatsApp kuma mutum yana wuce hoto cikin daƙiƙa kaɗan. Wadda ta fara da doguwar sallama da yi wa jama'a barka da shigowar wata ta kashe wurin da ya fi kowane daraja. A yi gaisuwar, amma a wani saƙon daban.

Sunan kwandon ma yana aiki. "Na alfarma" bai gaya wa kowa komai ba, amma "Gaisuwar Surukai" ya sa wanda yake da wannan nauyi a kansa ya tsaya, don an kira matsalarsa da sunanta. Idan akwai girma uku, gara a sa musu suna da wanda za a kai wa: na maƙwabta, na surukai, na babban gida. Hakan ya fi a ce ƙarami da matsakaici da babba, domin ba wanda yake so a ce ya aika wa mutum "ƙarami".

Batun ɓoye farashi kuwa, ra'ayina a kai ba ya rawa: kuskure ne a ƙunshin kyauta. Masu yi suna cewa idan mutum ya yi magana sun sami damar shawo kansa. Amma mai neman kayan gaisuwa yana da adadin da ya ware a ransa, kuma mutane da yawa suna jin nauyin su tambaya su ji kuɗin ya fi ƙarfinsu su janye, musamman idan mai kayan ƴar uwa ce ko matar aboki. Sai su ƙi tambaya gaba ɗaya, su je wurin wadda ta rubuta nata a fili.

A lura kuma da yadda aka jera kayan. Dabino da zuma, waɗanda suka fi tsada kuma suka fi kama da kyauta, su ne a sama. Garin kunu ya sami layi mai tsawo saboda shi ne aikin hannun mai kayan, shi ne abin da ba za a samu a shago ba. Sukari da madara kuwa an haɗe su a layi ɗaya, babu yabo, tun da kowa ya san su, yabon sukari ɓata wuri ne. Ba kowane abu a kwando ne ya cancanci jimla guda ba. A zaɓi biyu ko uku da ke ɗauke da darajar ƙunshin a yi musu bayani, sauran a ambaci nauyinsu a wuce.

Kuma bayanin da aka yi musu dalili ne, ba kirari ba. "Mai laushi, ba ya wahalar tauna" ya nuna cewa mai haɗa kwandon ta yi tunanin tsohon da haƙoransa suka yi rauni, wanda busasshen dabino sai an jiƙa masa. Wannan shi ne bambancin ƙunshi da tarkacen kaya: a ƙunshi, kowane abu yana da dalilin zamansa kusa da ɗan uwansa. Garin kunu da tsamiya da sukari tukunya ɗaya za su shiga. Kayan shayi da madara da zuma na bayan tarawihi ne ko na sahur. Idan mai sana'a ta kasa faɗin dalilin da ya sa wani abu yake cikin kwandon a jimla ɗaya, to alama ce cewa an sa shi ne don cike wuri.

Wannan cike wurin yana da illa fiye da yadda ake zato. Masu haɗa kwando suna son yawan lamba, a ce "kaya goma sha biyar", sai su ƙara carbin roba, da ɗan cokali, da alewa biyu, da ƙaramin turare na ɗari biyar. A tunaninsu ƙari ne, ko bai ƙara daraja ba ai ba zai rage ba. Amma yana ragewa. Wani masani a Jami'ar Chicago mai suna Christopher Hsee ya wallafa wani gwaji a 1998 da ya nuna haka. Ya bayyana wa mutane saitin kwanukan cin abinci iri biyu. Ɗaya guda 24 ne, duka lafiyayyu. Ɗayan guda 40 ne, ya ƙunshi duk irin waɗancan 24 ɗin lafiyayyu da ƙarin wasu, amma 9 daga cikin ƙarin fasassu ne. Waɗanda aka nuna wa saiti ɗaya kawai, ba tare da sun ga ɗayan ba, sun fi sa wa mai 24 kuɗi, duk da cewa mai 40 ya fi shi yawan lafiyayyun kwanuka. Dalili shi ne mutum ba tarawa yake yi ba idan ya ga saiti, kimanta darajar kayan yake yi a dunƙule, abu marar kyau ɗaya sai ya ja sauran ƙasa. Haka carbin roba yake yi wa zumar dubu bakwai. Mai saye zai ce a ransa, wadda ta sa wannan carbin, wace irin zuma za ta sa? Idan har ana son a ƙara ɗan wani abu, a bar shi daga cikin jerin, ya zama gyara da za a tarar ba a yi tsammani ba. Gyara a kasuwarmu yana faranta rai ne saboda ba a lissafa shi cikin ciniki.

Yanzu ga wurin da ya fi buƙatar taka-tsantsan, wato lambobin da ke nuna tsawon amfani. Faɗin cewa kaya za su kai kwana kaza yana da ƙarfi sosai wajen sa farashi ya yi sauƙi a ido, domin dubu arba'in da za a ci moriyarta mako biyu ba ɗaya take da dubu arba'in ta yini ɗaya ba. Shi ya sa ake yawan rubuta "zai ishe su har Sallah". Mu gwada da dabinon nan. Idan matsakaicin dabino yana da nauyin giram 10, kilo ɗaya ƙwaya 100 ke nan. Dattijo da matarsa, kowa ya ci uku a buɗa-baki, shida a rana, zai kai su kwana 16. Idan akwai jikoki a gidan, ko mako ɗaya ba zai yi ba. Don haka "har Sallah" ba gaskiya ba ce, kuma mutanen gidan za su gane haka tun kafin goman tsakiya ta ƙare. Rubuta adadin ƙwaya ya fi, mai saye ya san yawan mutanen gidan da zai aika, shi zai raba. Haka ma damu goma na garin kunu: kada a rubuta shi da ka. A auni giram 200 a dama a gida, a ga kofi nawa ya fitar, sannan a rubuta abin da aka gani. Nau'in dabino ma ya bambanta a girma, saboda haka a ƙirga na kilo ɗaya daga cikin wanda aka saro, kada a ari lambar wani.

Haka batun kwatanta farashi. An saba ganin "da 60,000 ne, yanzu 40,000", alhali ba a taɓa sayar da kwandon dubu sittin ba ko sau ɗaya. Wannan algus ne a magana, kuma addini bai bambanta shi da algus a mudu ba. A Najeriya ma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yaudarar mai saye game da farashi ko siffar kaya. Ko an ajiye batun doka, dabarar ba ta ci a irin wannan kaya, don kuɗin sukari da madara ba sirri ba ne, matar gida za ta gano ƙaryar cikin minti ɗaya. Ragin dubu biyu na gaskiya, wanda mutum zai iya bi ya tabbatar, ya fi ragin dubu ashirin na baki. Idan kuma lissafi ya nuna kwandonki ya fi sayen ɗai-ɗai tsada, kada ki kawo kwatancen sam. Ki tsaya a kan abin da kike da shi: zaɓen kaya, aikin hannu, kaiwa a kan lokaci. Akwai masu biyan kuɗin hutu da saninsu, ba sa son dai a raina musu hankali.

Zuma tana da nata tarkon. Kowa "zuma tsantsa" yake rubutawa, har kalmar ta daina nufin komai. Idan kin san inda aka samo ta, ki faɗi garin. Idan ta kamfani ce mai lambar NAFDAC, ki faɗa, ki kuma duba ranar lalacewar madara da duk wani abin gwangwani ki rubuta ta, domin masu saye suna zargin cewa a kwandunan kyauta ake tura kayan da suka kusa lalacewa. Abin da za ki guje wa shi ne jera cututtukan da zuma ko kayan shayi suke warkarwa. Abinci kike sayarwa, ba magani ba. Ya fi amfani ki tuna cewa dattawa da yawa suna fama da ciwon sukari, ki ƙara layi ɗaya: "Ana iya musanya sukari da ƙarin garin kunu." Wanda mahaifinsa ke da wannan lalura, wannan layin kaɗai zai sa ya zaɓe ki.

Musanya kuma tana da wani gefen. A kwanakin ƙarshe na Sha'aban kaya suna yankewa a kasuwa, farashi yana tashi, irin dabinon da aka ɗauki hoto da shi yana iya ƙarewa. Mai sana'a sai ta sa wani iri ta yi shiru, tana ganin ai duk dabino ne. Ga mai saye kuwa, an nuna masa abu an kai wani. Maganin wannan jimla ɗaya ce a cikin bayani: idan wani abu ya yanke, za mu sanar da kai kafin mu canza. Hoton ma ya zama na kwandon da za a kai ne. Idan an yi ado da faranti ko fitila ko darduma don hoto ya yi kyau, a rubuta cewa ba sa ciki, in ba haka ba wani zai lissafa su a kuɗinsa.

Ranar rufe oda da ranar kaiwa su ne suka mayar da kwandon na lokaci. Kayan azumin da suka isa ranar biyar ga wata sun rasa rabin ma'anarsu, ko da ba abin da ya taɓa su, don an riga an ce wane bai aiko ba. Saboda haka alƙawarin "kafin a ga wata" wani ɓangare ne na abin da ake biya, kuma ya fi "saura kaɗan, ku hanzarta" tasiri, domin rana ce da kowa zai iya dubawa. Sai dai a sa ranar da za a iya cikawa. Mai niƙa gari da hannunta ta san kwando nawa za ta iya haɗawa a yini. Idan talatin ne iyakarta a mako, ta faɗi talatin, ta tsaya a nan. Ga masu aikawa wani gari ta hannun direbobin tasha, a bayyana wa zai biya kuɗin mota, a kuma faɗi yadda aka rufe zumar, don kwalbar da ta tsiyaye a bayan mota tana ɓata garin kunu da katin da komai.

Ƙaramin layin nan na "ba ma sa farashi a cikin kayan" kada a raina shi. Mai kyauta ba ya son wanda ya karɓa ya ga rasit, kuma mutane da yawa suna jin nauyin tambaya.

Ta yaya mai sana'a za ta gane bayaninta bai yi aiki ba? Ba sai ta jira ƙarshen kasuwa ba, saƙonnin da ke shigo mata za su gaya mata tun ranar farko. Idan ana yawan tambayar "me da me ke ciki?", jerin bai fito ba, ko an binne shi a ƙasa. Idan ana tambayar "zumar babba ce?", awo ne babu. Idan mutane suna cewa "a cire min kaza a rage kuɗi", to wannan abin bai nuna dalilin zamansa a kwandon ba, ko dai a yi masa bayani ko a fitar da shi. Idan kuma ana jin farashi a yi shiru ba a dawo ba, mai saye ya yi lissafinsa ya tarar da gurbi, kuma galibi kwando da naɗi da kaiwa ne ba a ambata ba. Bayanin da ya cika, saƙon da yake jawowa gajere ne: mutum ya turo adireshin gidan da za a kai, ya nemi lambar asusu.

Akwai masu saye da suka fi gane saƙon murya fiye da rubutu, kuma babu laifi a yi musu. Amma a karanta abin da aka rubuta ne, da awonsa da ranakunsa, kada a kama sabon zance da baki a yi alƙawarin da ba ya cikin rubutu. Rubutaccen bayanin shi ne shaida idan an sami saɓani, yana kare mai saye, yana kuma kare mai kaya daga wanda zai ce an ce masa zumar lita ɗaya ce.

Duk wannan ya shafi kayan Sallah ma, sai dai awon ya canza. A saitin mata, a faɗi atamfar turmi ce cikakkiya mai yadi 6 ko rabi, a faɗi sunanta kamar yadda ake kiranta a Kantin Kwari, a faɗi humra mililita nawa ce, turaren wuta giram nawa. A na maza, shadda yadi nawa, hula lamba nawa, kuma ana iya canza ta idan ba ta shiga ba. Kuma a tuna cewa yadi sai an kai wa tela, teloli kuwa suna daina karɓar ɗinki tun azumi bai yi nisa ba, don haka ranar kaiwa a saitin yadi ta fi ta kwandon abinci ma tsanani.

Ke mai shirin haɗa kwandunan bana, kafin ki ɗora hoto, ki miƙa wa wani wanda bai ga kayan ba rubutunki, ki ce ya faɗa miki abin da ke ciki, da yawan kowane, da ranar da zai isa, da abin da zai biya gaba ɗaya. Duk tambayar da ya kasa amsawa, ki koma ki ƙara layinta.